Sayar da zinariya bashi: an biya jika 600, saura 400 sai an ɗauki adashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillaliya ce a nan Damagaram. Ina karɓar zinariya wurin wani mai shago a Kasuwar Dole in kai wa mata gidajensu, sai na sayar nake kai mishi kuɗinshi. Kwanan baya wata Hajiya a Birni ta ɗauki sarƙa da ƴan kunne da zobe, giram 20 gaba ɗaya, a kan miliyan ɗaya. Ta ba ni jika 600, muka yi da ita sauran jika 400 sai ta ɗauki adashi nan da wata biyu. Wallahi ko dala ban ƙara mata ba saboda jinkirin. Sai ga ƙanena yana ce mini riba na ci. Ina ribar take, Malam? Kuma yaya zan yi yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Ƙanenki ya faɗi gaskiya, amma na san abin da ya sa maganar ta yi miki nauyi. Mu a Hausa kalma guda muke kira wa abu biyu: ƙaruwar da ɗan kasuwa ke samu, wadda halal ce, da kuma ribar da Alƙur'ani ya haramta. Ko a cikin ta biyun, wadda kowa ya sani ita ce ta kuɗin ruwa, a ranta maka jika goma ka maido goma sha ɗaya. To akwai wata ƴar'uwarta da ba a ƙara ko tamma a cikinta, ita ce ribar jinkiri, malamai na ce mata ribar nasi'a. Ita ce ta shiga cinikinki.

Asalin maganar hadisin Ubadatu ɗan Samit ne da Imam Muslim ya ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abu shida: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Ya ce in za a musanya kowanne da jinsinshi, to a yi daidai wa daida, hannu da hannu. In kuma jinsin ya bambanta, a sayar yadda aka so, muddin dai hannu da hannu ne. Ki lura da wannan ƙarshen. Zinariya da azurfa jinsi biyu ne, don haka an sakar muku mara a farashi, ku yi ciniki yadda kuka ga dama. Abin da ba a sake ba shi ne lokaci. Kayan da kuɗin dole su haɗu a zama guda.

Yadda sahabbai suka riƙe wannan abin ya fi kowane bayani. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Maliku ɗan Ausu ya fita neman canjin dinari 100. Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ya kira shi, suka daidaita. Ɗalhatu ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannu, ya ce a dakata har ma'ajinshi ya dawo daga Gaba, wani wuri a bayan Madina. Sayyidina Umar yana ji, sai ya ce wallahi kada ka rabu da shi sai ka karɓa. Ɗalhatu fa yana cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna. Ba wanda ke tsoron zai cinye kuɗin, kuma jinkirin na yini ne ko ƙasa da haka. Duk da haka Umar ya hana. A wata maganar tashi ma ya ce ko da mutum ya nemi ka jira shi ya shiga gida ya fito, kada ka jira. Saboda haka amanar Hajiyarki ta Birni, da daɗewar da kuka yi tare, ba su canza hukuncin ba. Sharaɗin yana kan cinikin, ko da wa aka yi shi.

Za ki iya cewa ai wancan dinari ne da dirhami, ke kuma takardun sefa kika karɓa. Tambaya ce mai kyau, kuma tun zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri malamai ke tattauna irinta. Imam Malik ya riga ya ba da ma'auni a maganarshi game da kwabban tagulla. Ya ce da mutane za su yarda da fatu su zama kuɗi a tsakaninsu, a buga musu hatimi, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Wato abin dubawa shi ne aikin da abu ke yi a hannun mutane. Sefa ita ce muke auna darajar komai da ita, ita muke biya da ita, ita muke ajiyewa. A kan wannan ne majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta tsaya a 1982, ita ma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Amman a 1986: kuɗin takarda kuɗi ne masu zaman kansu, hukuncin zinariya da azurfa ya hau kansu a riba da zakka. Kenan mai sayen sarƙa da sefa canji yake yi, irin na ƴan canjin da ke musanya naira da sefa, ko bai san sunanshi ke nan ba. A littattafan fiƙihu sarfu ake ce mishi.

Akwai wata fatawa da za ki ji, gara ki ji ta daga wurina. Ibn Taimiyya da almajirinshi Ibn Ƙayyim suna ganin in maƙeri ya ƙera zinariya ta zama abin ado, ta fita daga sahun kuɗi ta koma haja kamar tufafi, ana iya sayar da ita bashi. Manyan malamai ne, kuma akwai na wannan zamani da suka bi su. Amma mazhabobi huɗu ba su tafi a kan haka ba, har da tamu ta Malikiyya. A Muwaɗɗa akwai maƙerin da ya bi Abdullahi ɗan Umar yana roƙon a bar shi ya sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinshi saboda ladar aikinshi. Ɗan Umar ya yi ta hana shi, yana ta maimaitawa, har suka kai ƙofar masallaci ko wurin dabbar da zai hau. Ƙira ba ta fitar da zinariya daga hukuncinta ba a wurinshi. Sannan ko Ibn Taimiyya ya sa sharaɗi, cewa kada ya zama ana nufin abin a matsayin kuɗi. To ki dubi matan da kike kai wa kaya tsakani da Allah. Kafin ta dubi zanen sarƙa sai ta tambayi giram nawa ce, kara 18 ce ko 21. Ranar da maigida ya shiga matsi ko aka tashi tafiya Makka, ita ce farkon abin da ake fiddawa a ɗora a sikeli. Zinariyar matanmu asusu ce da ake ratayawa a wuya. Shi ya sa ni ba na ba da waccan fatawa a garin nan.

Yanzu mu dawo kan abin da ya riga ya faru. Malamai sun kasu biyu a kan cinikin da aka biya wani sashe aka bar wani. Wasu sun ce abin da aka biya ya inganta, saura ya ɓaci. Suna da hujja a Buhari: Abul Minhal da abokin kasuwancinshi sun yi canji, wani sashe hannu da hannu wani bashi, suka tambayi Bara'u ɗan Azib. Ya ce shi da Zaidu ɗan Arƙam sun taɓa yin haka, Annabi ya ce musu su riƙe abin da aka yi hannu da hannu, su bar na bashin. A lissafinku giram ɗaya jika 50 ke nan, don haka a wannan ra'ayi giram 12 sun zama nata, giram 8 suna nan na mai shago. A Malikiyya kuwa, in tun wurin ƙulla ciniki aka shardanta jinkirta wani sashe, kamar yadda kuka yi, to duka cinikin ya ɓaci, domin ƙulli guda ne.

Kada wannan ya tayar miki da hankali, don gyaran guda ne a ra'ayin duka biyun, kuma bai fi zaman shan fura ba. Ki ɗauki jika 600 ɗin, in kin riga kin kai wa mai shago ki karɓo, ki tafi gidan Hajiya. Ta fito da kayan duka uku ta ajiye a gabanki, ki ajiye mata kuɗinta, ku ce kun warware cinikin farko. Sai ku ɗaura sabo a kan abin da kuɗinta zai iya saye yau. Mu ce sarƙar giram 12 ce, ƴan kunne 5, zobe 3. In farashi bai motsa ba, sarƙar ta tashi jika 600 cif. Ta miƙo, ki miƙa, sarƙa ta zama tata halal. Ƴan kunne da zobe ki maida su shago. Ranar da ta ɗauki adashi ku yi cinikinsu da farashin wannan ranar. In kuma sarƙar ta fi haka nauyi, mu ce giram 14, to jika 600 ba su kai ba. Sai dai ta ɗauki ƴan kunne da zobe, giram 6 ke nan, a jika 300 ta riƙe 300 ɗinta, ko ta nemo cikon jika 100 kafin ku zauna. Fito da kayan da na ce ba wasa ba ne. A mazhabarmu ba a yin sarfu a kan zinariyar da take ajiye a wani wuri, ko da a hannun mai sayen take. Sai an kawo ta wurin zaman.

Na san abin da zai biyo baya. Hajiya za ta ce bikin ƴarta sati mai zuwa ne, ta riga ta nuna wa dangi kayan, ba za ta iya rage ko zobe ba. Hanya mafi tsabta ita ce ta ranto jika 400 wurin wani, maigidanta ko yayarta ko uwar adashin, ta biya ki duka. Bashin ya tashi daga kan zinariya ya koma rance tsakaninta da wancan, kuma rance ba ruwanshi da sharaɗin hannu da hannu, tunda taimako ne ba ciniki ba. Abin da ba zan ba ki ba shi ne ke ko mai shago ku ciro jika 400 daga aljihu ku ba ta da sunan rance, ta juyo ta miƙo muku a matsayin kuɗin kaya. Kuɗin ya fita ta hannun dama ya dawo ta hagu, sarƙa ta tafi, bashi yana nan inda yake. Hadisi ya hana haɗa rance da ciniki, kuma malaman Malikiyya sun fi kowa toshe irin wannan ƙofa. Suna duba abin da ya fita daga hannu da abin da ya dawo, ba sa damuwa da sunan da aka sa wa abin a tsakiya.

In kuwa kwalliyar biki kawai ake so, aro halal ne. Mai shago yana iya ara mata ƴan kunnen ta sa ta maido. Sai dai ya zama aro na gaskiya, wanda kayan suna nan mallakarshi, kuma in ta fasa saye ba wanda zai ce ta karya ciniki.

Akwai kuma yadda wasu masu shago ke yi, su ce kawo abin da kike da shi, kayan suna nan a ajiye da sunanki har ki cika. Mutane na ganin wannan ya tsira tunda zinariyar ba ta fita ba. Bai tsira ba in an riga an yanke ciniki an tsayar da farashi, domin yanzu kuɗi ne suka riga kaya, kuma jinkiri ta kowane ɓangare jinkiri ne. Kafin alƙalami a kan zinariya yana da wannan matsalar. Yana gyaruwa ne in kuɗin ajiya ce zalla, tana iya zuwa gobe ta karɓi abinta, shi ma yana iya sayar wa wani kayan, kuma ranar da kuɗi suka cika a yi ciniki sabo. Ga inda ake gane gaskiyar abin. Mu ce a wata biyun nan giram ya tashi daga jika 50 zuwa 55. Giram 20 sun koma miliyan ɗaya da jika 100. In Hajiya za ta ce a'a, ai mun gama magana a kan miliyan ɗaya, to ashe an yi ciniki tun farko, sunan ajiya kawai aka lulluɓa mishi. In kuma kowa ya yarda cewa ko ta cika jika 100 ko ta rage giram, to ajiya ce. Haka nan in farashi ya faɗi, ragowar tata ce.

Na taɓa zama sulhu a kan irin wannan a wani zaure. Wani mai shago ya ba wata baiwar Allah awarwaro bashi, ya rubuta a littafinshi, irin ƙaramin littafin nan na ƴan makaranta, da sunanta da giram da kuɗi. Wata uku ya zama takwas. Kafin ta kawo cikon, farashi ya yi sama sosai. Ya buɗe littafin a gabanmu, ya ɗora yatsa a kan layin giram, ya ce shi zinariya ya bayar, kuma kuɗin da ta kawo ba za su maido mishi da nauyin da ya fita daga shagonshi ba. Ita kuma ta ɗora nata yatsan a kan layin kuɗi, ta ce ga abin da aka rubuta. Layi biyu a shafi guda, kowa da nashi, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Da atamfa ce da ba a yi wannan rigima ba, don ba wanda ke auna dukiyarshi da turmin atamfa. Amma zinariya ma'auni ce, sefa ma ma'auni ce, in aka sa wata takwas a tsakaninsu dole ɗaya ya ci ɗaya.

To saura tsakaninki da mai shago, kuma wannan ya fi na Hajiya muhimmanci, don kullum kike yin shi. Kalmar "karɓa" da kika yi amfani da ita tana iya ɗaukar abu biyu. In saye kike yi, wato ya ce miki giram jika 48, kika ɗauka ya zama naki, bashin kuɗi ya hau kanki, to kowace fita da kika yi daga shagon nan cinikin zinariya ne a kan jinkiri, kuma bai halatta ba. In kuwa wakiliyarshi ce ke, kayan nashi ne, amana ce a jakarki, to ba ciniki tsakaninku sam. Hannunki hannunshi ne. Lokacin da mai saye ta ƙirga miki kuɗi kika miƙa mata kaya, an yi hannu da hannu an gama, ko da sai jibi za ki kai mishi kuɗin.

Yadda za ki gane wanne kike ciki, ki tambayi kanki abu biyu. In kin yi yawon sati kaya ba su shiga ba, kina iya maido mishi ba tare da wata magana ba? Kuma in, Allah ya kiyaye, aka fizge jakar a hanya ba da sakacinki ba, asarar wa ce? In kina iya maidowa kuma asarar tashi ce, ke wakiliya ce. In zai ce shi dai kuɗinshi ya sani, to sayar miki ya yi. Da yawan masu shago suna son su ci tudu biyu, su kira shi dillanci ranar ciniki, su kira shi bashi ranar asara. Ki zauna da shi ku fayyace, a rubuta, da shaidu. La'adarki kuma a yanke ta a sani, misali jika ɗaya a kowane giram, kin ga a giram 20 kina da jika 20. Akwai masu cewa sayar a kaza, abin da ya hau naki ne. An ruwaito halaccin haka daga Abdullahi ɗan Abbas, amma Imam Malik bai yarda da shi ba saboda ladar ba sananniya ba ce, kuma yankakkiyar la'ada ta fi raba gardama.

Wakilci yana da nashi ladabi. Ke da kika ƙulla ciniki ke za ki karɓi kuɗi a nan take. Kada ki bar kaya ki ce yaro zai zo da la'asar ya karɓa. In mai saye ta ce a bar mata kayan ta nuna wa maigida in ya dawo, kina iya bari a matsayin amana in mai shago ya yarda, ba tare da kun yanke ciniki ba. Gobe ki dawo, ta fito da su, ku yi ciniki daga farko. Kuma ba a sayar da zinariya a kan zaɓi, wato na saya amma in bai yi mini ba zuwa Jumma'a zan maido. Wannan ya halatta a akuya da keken ɗinki, bai halatta a sarfu ba.

Maganar biya ta waya ba ki tambaya ba, amma na san tana gabanki. Majalisar fiƙihun nan ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce shigar kuɗi cikin asusun mutum a banki yana zaman karɓa da hannu, kuma a 1995 a Abu Dabi ta halatta sayen zinariya da shek ɗin da banki ya tabbatar, muddin an miƙa a wurin zama. Kenan in kuna zaune ta tura, saƙo ya shigo wayarki, kika buɗe asusunki kika ga kuɗin har kina iya taɓa su, kin karɓa. Hoton resi da aka turo miki ba karɓa ba ne. "Na tura, rezo ne ba kyau" ba karɓa ba ne. Shek mai kwanan watan gobe bashi ne a takarda. In ɗanta ne ya aiko daga Agadas ko Yamai ta kamfanin aika kuɗi ya ba da lamba, ni abin da nake ba da shawara shi ne a je a ciro kuɗin tukuna, ko a tafi tare a yi musayar a bakin kantar. In rezo ya ɗauke a tsakiyar ciniki, ki maida kaya cikin audugarsu ki rufe kwalin. Shehu Halil a Muhtasar ya ce jinkiri yana ɓata sarfu ko da kaɗan ne, ko da rinjayar mutum aka yi. Sauran mazhabobi sun fi sassauci, suna ganin muddin ba ku rabu ba zaman yana nan ko ya yi tsawo. A kowane hali kada sarƙa ta kwana a can kuɗi suna kan hanya.

Mai biya da naira, irin baƙin da ke shigowa ta Magarya ko Matamai, hukuncinsu ɗaya ne. Ku daidaita a kan canjin da kuka yarda, a biya nan take.

Wani abu da ke yawan faruwa a dillanci shi ne mace ta kawo tsohuwar zinariyarta ta ce a karɓa a ba ta sabuwa ta yi ciko. A nan ɗaya ribar ce ke shigowa, ta fifiko. Zinariya da zinariya sai nauyi ya zo daidai, tsohuwa da sabuwa, karyayya da lafiyayya, ba a kallon ƙira. Giram 10 tsohuwa da jika 60 a kan giram 10 sabuwa bai halatta ba. Mafitar ita ce wadda Annabi ya nuna wa ma'aikacinshi na Haibara, wanda ke ba da sa'i biyu na dabino maras kyau ya karɓi ɗaya mai kyau. Ya ce mishi ya sayar da maras kyan da kuɗi, sannan ya sayi mai kyan da kuɗin. Ta sayar da tsohuwar, mu ce a jika 44 giram, ta karɓi jika 440 a hannunta. Wannan ciniki ya ƙare. Sannan ta sayi sabuwa, kuma kada a shardanta mata cewa dole a wurinku za ta saya. In da hali ma ta sayar a wani shago ta saya a wani, ya fi nisa da zargi.

Ki gaya wa mai shagon, in yana cikin masu sayen ɗanyar zinariya, cewa hukuncin bai tsaya kan kayan ado ba. Tun da aka buɗe haƙar zinariya a Jado a 2014 samarinmu ke tafiya arewa, kuma akwai masu ba su kuɗi tun kafin tafiya a kan in sun dawo su biya da giram kaza. Biya kafin kaya ya halatta a gero da wake in an cika sharuɗɗa, amma ba a yin shi da kuɗi a kan zinariya. Ko dai ya ranta musu sefa su maido sefa, ba tare da sharaɗin sai shi za su sayar wa ba, ko su yi yarjejeniyar jari da aiki a raba abin da aka samu.

Sauran kayan jakarki ba ruwansu da duk wannan. Atamfa, leshi, turare, kwanuka, har da sarƙoƙin nan na ƙarfe da aka yi wa ruwan zinariya wanda ko an kankare ba a tara komai, ki sayar da su bashi yadda kika saba, ki ma sa farashin bashi ya fi na hannu in kun yanke guda tun farko. Azurfa ce kawai ke bin zinariya.

Cinikayyar da kika yi a baya kuwa, waɗanda an riga an biya an rabu cikin rashin sani, malamai da yawa suna ganin tuba ta wadatar, suna kafa hujja da aya ta 275 a Suratul Baƙara, inda Allah ya ce wanda wa'azi ya zo mishi daga Ubangijinshi ya hanu, to abin da ya wuce nashi ne. Ba sai kin bi gida gida kina tono ba. Waɗanda har yanzu akwai saura a littafinki su ne abin gyara. In kayan suna nan, a yi yadda na faɗa a na Hajiyar Birni. In mai sayen ta riga ta sayar ko ta kai an narke, ba abin da za a maido, sai ku tafi ku uku, ke da ita da mai shago, wurin malamin unguwa a ƙimanta abin da ke kanta, a cire abin da ta riga ta biya, ta cika saura. Ki fara da na Hajiya tun kayan suna cikin kwalinsu.